Yaro ɗaya a hoto shida: yadda za ka hana ɗan tallanka sauya kama

A ce wani mai shagon fura da nono a Daura ya ba ka aikin hotunan talla guda shida kafin Sallar Gani. So yake a zana masa ɗan talla, wato yaron katun da zai zama tambarin shagon, kamar 'yan Indomitables na taliyar Indomie. Ka buɗe Midjourney, ka samu yaro mai wushirya da jar dara da koriyar riga, mai shago ya ce wallahi shi ke nan. Sai a hoto na biyu wushiryar ta ɓace, a na uku darar ta koma zanna, a na huɗu yaron ya girma da shekara biyar. Idan aka riga aka buga bana kafin a lura, kai za ka biya kuɗin sake bugu.

Da yawa za su ce maka ka kulle `--seed`, magana ta ƙare. To, ba ta ƙare ba. Manhajar tana fara kowane hoto ne daga wani yayyafin ɗige-ɗige, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sannan ta riƙa tace shi har siffa ta fito. Lambar `--seed`, wadda ke tsakanin 0 da 4294967295, ita ke zaɓen wannan yayyafin. Lamba ɗaya da rubutu ɗaya a kan zubin manhaja ɗaya suna ba ka hoto kusan iri ɗaya. Amma da ka sauya "yana tsaye a shago" zuwa "yana kan doki", hanyar tacewar ta sauya, fuskar ma ta bi ta. Lambar ba ta san yaronka ba.

Abin da ke riƙe kama shi ne hoton madogara. Ka zaɓi hoto ɗaya tak wanda mai shago ya amince da shi: yaron yana fuskantar gaba, bayansa fari fat, haske ko'ina daidai, ba komai a hannunsa. A watan Maris na 2024 Midjourney ta kawo `--cref` a zubi na 6 don wannan aikin, ga kuma yadda umarnin yake:

```
cartoon boy, red fez, green kaftan, gap tooth, riding a horse --cref URL --cw 100 --seed 2468 --v 6
```

A wurin `URL` za ka sa adireshin hoton madogarar. `--cw 100` na ƙoƙarin ɗauko fuska da gashi da sutura, `--cw 0` kuwa fuska kawai yake kamawa, shi za ka sa in kana son yaron ya yi shigar hawa. A zubi na 7 `--oref` ne ya maye gurbinsa. Bayanin darar da rigar da wushiryar kuma kada ka taɓa ko kalma ɗaya a duk hotunan shida, abin da yaron ke yi kaɗai za ka riƙa sauyawa.

To ina amfanin lambar? Wajen gwaji. Idan ka bar ta a 2468 ka rage `--cw` daga 100 zuwa 60, bambancin da ka gani yawanci daga wannan sauyin ya fito, ba sa'a ba ce. Ka rubuta lambar da umarnin da zubin manhajar a waje ɗaya, domin lamba ɗaya a sabon zubi wani hoto daban take bayarwa.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗaukar hoto na biyu a yi madogarar na uku da shi, na uku kuma a yi na huɗu. Kamar fotokwafin fotokwafi ne, kowane zagaye da ɗan abin da yake zubarwa. Kullum ka koma kan na asali. Kafin ka tura, ka jera su shida a allo ɗaya kusa da shi, ka duba abu huɗu: tazarar idanu, wushirya, siffar dara, da girman kai idan aka gwada da jiki.

Akwai inda dabarar ke tsayawa. Ƙananan abubuwa kamar aikin wuyan riga ko tambari a ƙirji ba sa dawowa daidai, don haka tun farko ka zaɓi riga marar aiki. Rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yakan fito a dagule, ka sa shi da hannunka a Canva. Kuma kada ka ce ta zana maka rijiyar Kusugu ko ƙofar fadar Sarkin Daura, abin da za ta ƙago duk ɗan garin zai gane ba nan ba ne. Ka je ka ɗauki hoton wurin da wayarka, ka fitar da yaron a kan farin baya, ka yanke shi ka ɗora.

Ranar da mai shago zai dawo neman tallan azumi, hoton madogarar nan da umarnin da ka adana su ne jarinka. Ka ajiye su a wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa.