Kafin Ka Tura Kuɗin Sari: Wasiƙar Ɗan Tireda Daga Kibiya Zuwa Kasuwar Singa

Mai ƙaramin kanti a Kibiya yana da hanya biyu ta cika shagonsa. Ko dai ya leƙa Rano ya ɗauki katan biyar ko goma a wajen mai sari na kusa, ko kuma ya ɗaure jarinsa ya bi ta Bunkure ya shiga Kano, Kasuwar Singa, inda diloli ke sauke taliya da sukari da madara da sabulu tirela-tirela. Kowa ya san Singa ta fi sauƙi. Amma kaɗan ne ke zama su lissafa nawa sauƙin yake bayan kaya sun iso ƙofar kanti.

A da mutum kan tafi ne kawai ya gane wa idonsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiyar jin farashi ta zama asara, ga shi farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba. Shi ya sa rubutu ya fi kiran waya. Ko a takarda aka ba direba, ko aka ɗauki hotonta aka tura ta waya, wanda ya rubuta tambaya yakan samu amsa a rubuce, ita kuwa ba a musunta. Ga irin wasiƙar da nake nufi:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa, ya jama'a? Ni ɗan tireda ne a cikin garin Kibiya, shekarata shida da kanti. Yanzu a Rano nake sari, ina kuma so in fara ɗauka a wajenka. A wata nakan sayar da taliya kamar katan ashirin, sukari buhu huɗu, da man girki jarka shida. Don Allah ina roƙon a turo mini farashin waɗannan, kowanne da sunan kamfaninsa da girmansa, da adadin da ke cikin katan. Daga katan nawa ake fara ragi, kuma nawa ne a kan kowane ɗaya? Ragin a kan kaya iri ɗaya ne, ko ana haɗa kuɗin duk abin da na saya? Farashin zai tsaya har zuwa wace rana? Kuɗin lodi da kai kaya tasha a kan wa yake? In an samu katan da ya fashe, ko wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa, ana canzawa? Biyana lakadan ne ta banki, sai a turo mini sunan asusun shago tare da rasit. Allah ya ƙara buɗi. Naka, mai kanti a Kibiya."

Mai karatu zai lura babu "a taimaka a rage mini" a ciki. Dila yana jin wannan sau ɗari a yini, kuma amsarsa ba ta wuce "albarka". Abin da ke sa ya ɗaga kai shi ne adadi. Wanda ya ce katan ashirin duk wata ya nuna cewa shi mai dawowa ne, kuma ragin gaskiya mai dawowa ake yi wa. Sai dai kada a ƙara gishiri. In ka ce hamsin ka zo ka ɗauki takwas, ka zubar da maganarka tun ranar farko.

To, a ce amsa ta zo. Alƙaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa na ranarsa. Alhaji ya ce katan ɗin taliya mai leda 20 naira 18,000 ne, amma daga katan 50 zuwa sama zai rage 300, ya koma 17,700. A Rano kuwa ana ba shi a 18,400. Da ganin farko, ribar 700 ce a kowane katan, har mutum ya fara murmushi.

Sai a zo hanya. A ce mota za ta karɓi 350 a katan daga Kano zuwa Kibiya, 'yan dako na lodi da na saukewa su ci 100. Katan ya koma 18,150. In mai kanti ya je da kansa, kuɗin motarsa da abincinsa 5,000, wato ƙarin 100 a kowane katan, ya zama 18,250. Ratar da ke tsakaninsa da Rano ta dawo 150, ko a ce ɗan abin da ya fi haka in an sa kuɗin ɗaukowa daga Rano a lissafi. A katan 50, naira 7,500 ke nan, a kan jarin 885,000 da ya zube lokaci guda.

A nan ne yawanci ake yin tuntuɓe. Mai sayar da katan ashirin a wata zai yi wata biyu da rabi kafin ya ga ƙarshen hamsin. Duk tsawon lokacin nan kuɗinsa na jibge a lungun kanti, ɓera na yi musu sintiri, mai neman madara da omo yana zuwa ana ce masa babu. In kuma kamfani ya sauke farashi da 500 a tsakiyar wannan lokaci, ragin ya tafi har ya taɓa uwar kuɗi. Gaskiya ne, a lokacin da kaya ke ta hawa, wanda ya jibge yakan ci riba. Amma wannan caca ce da kasuwa, ba ragin dila ba ne, kuma mai jarin da bai kai miliyan ba bai kamata ya shiga ba.

Saboda haka, a ganina, tambayar da ta fi kowace nauyi a wasiƙar ita ce ta haɗa kuɗi. In Alhaji ya yarda ya yi ragi a kan jimillar ciniki, mai kanti zai ɗauki taliya 20, sukari 4, mai 6, kayan wata guda cif, ya sayar ya dawo. In ya ce sai iri ɗaya, to akwai wata dabarar: 'yan tireda uku na Kibiya su haɗa kuɗi su ɗauki hamsin ɗin da sunan mutum ɗaya, mota ɗaya, su raba a gida. Sharaɗin kawai kowa ya biya nasa kafin a tura, don zumunci da yawa a nan ya lalace.

Wani lokaci ba a rage kuɗi, sai a ce "a katan 25 akwai ɗaya kyauta". Kada a raina wannan. Katan 25 a 18,000 ya kama 450,000, a raba gida 26, kowanne ya faɗo wajen 17,300. Ragin kusan 700 ke nan, ya ninka na farko, da rabin jarin. Irin wannan garaɓasa sau da yawa daga kamfani take fitowa, tana da ranar ƙarewa, kuma ba kowane yaron shago ne zai faɗa maka ba sai ka tambaya. A duba kwanan watan da ke jikin kwali, domin wani lokaci kayan da suka yi kwantai ake turawa da ita.

Batun bashi kuwa, kada a tayar da shi a wasiƙar farko. Dilan da bai taɓa ganin fuskarka ba ba zai ba ka kaya ka tafi da su Kibiya ba, kuma roƙon zai sa ya daina karanta sauran. Sai an yi ciniki uku ko huɗu lami lafiya, ko an samu wanda ya san ku duka ya tsaya maka. Haka nan kai ma, kada ka tura dubban ɗaruruwa zuwa asusun da sunansa bai yi daidai da na shago ko na mai shi ba, ko da wa ya ba ka lambar. Karon farko ka je da ƙafarka, ka ga shagon, ka ƙirga kaya a gabanka, ka karɓi rasit mai ɗauke da farashin da aka rubuto maka. Daga karo na biyu direba ya wadatar, kuma naira ɗarin nan ta kuɗin motarka ta dawo cikin riba.