Kafin Ka Sayi Wasa, Karanta Ƙasan Shafi

A ƙasan shafin wasa a Steam akwai jeri biyu: Minimum da Recommended. Ɗauki Elden Ring na 2022. Jerin farko yana neman RAM 12 GB da katin hoto GTX 1060 mai 3 GB, na biyu kuma 16 GB da GTX 1070 mai 8 GB.

Alkawarin Minimum ƙanƙani ne: wasan zai buɗe ya gudana, galibi sai ka rage kyawun hoto, kuma yana iya sarƙewa idan faɗa ya yi zafi. Recommended shi ne inda kamfanin ke ganin za ka yi wasa cikin kwanciyar hankali, amma bai ce ka ƙure komai ba. Shafuka da yawa ba sa ma faɗin girman hoton da aka gwada da shi, kuma wannan gajiyawa ce babba.

Wurin da ake yawan faɗawa rami shi ne katin hoto. Laftop mai 16 GB wadda Intel UHD kaɗai ke cikinta ba ta kai ko Minimum ba, domin yawan RAM ba ya cike gurbin kati. Rubuta `dxdiag` a Windows, ka duba shafin Display, ka gwada sunan katinka da na jerin kafin kuɗinka da datarka su tafi.