Ko Kun Sani?

Zazzafar soyayyar farkon aure, wadda ke hana ango barci, ba ta ɗorewa. Masaniyar halayyar ɗan Adam Dorothy Tennov ta nuna a littafinta na 1979 cewa yawanci zazzafar soyayya takan lafa tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Ƙwaƙwalwa kan saba da abin da take gani kullum. Abin da ke maye gurbinta shi ne shaƙuwa. Dubi dattijon da ya daɗe yana fataucin albasa a Mile 2 Diobu, Fatakwal: kafin ya buɗe baki uwargida ta gane kasuwa ta yi kwantai, ta miƙo masa shayi ba tare da tambaya ba. A ganina raini ne alamar haɗari a aure, ba sanyin ɗoki ba.