Bayar da Jini: Abin da Ke Fita, Abin da Ke Dawowa, da Wanda Ake Hanawa

Da yawa daga cikinmu ba mu san hanyar ɗakin ɗibar jini ba sai ranar da likita ya ce a nemo leda biyu, saboda mai naƙuda ta zubar da jini ko wani ya yi haɗarin mota. Nan take za ka ga 'yan uwa sun fara kallon juna. Wannan ya ce jininsa kaɗan ne, wancan ya ce ya ji ana cewa mutum ba ya komawa daidai. Ga tambayoyin da aka fi yi a irin wannan lokaci, da amsoshinsu.

Wane yawan jini ake ɗiba, kuma ba ya cutarwa?

Babban mutum yana da jini wajen lita biyar, gwargwadon girman jikinsa. A ƙiyasi, kowane kilo ɗaya na nauyin namiji yana ɗauke da mililita 70 na jini, na mace kuma ya ɗan gaza haka. Leda ɗaya da ake cikawa mililita 450 ce, wato ba ta kai rabin lita ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada abin da za a ɗiba ya wuce kashi 13 cikin ɗari na jinin mutum.

Mu ɗauki magidanci mai nauyin kilo 60. Jininsa zai kai lita 4.2, don haka leda ɗaya wajen kashi 11 cikin ɗari ce, kuma jiki mai lafiya yana jure wannan ba tare da wata matsala ba. Amma mace mai kilo 45, wadda jininta bai cika lita uku ba, wannan ledar za ta kwashe mata kusan kashi 15 cikin ɗari. Dalilin da ya sa ake ɗora mutum a sikeli ke nan, ake kuma cewa sai ya kai kilo 50 kafin a ɗebi cikakkiyar leda. Shekarun da aka saba karɓa su ne daga 18 zuwa 65.

Game da tsoron ɗaukar cuta kuwa, allurar a haɗe take da ledar tun daga kamfani, a rufe, kuma sau ɗaya tak ake amfani da ita. Hakkinka ne ka ga an buɗe ta a gabanka. Gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ana yin su ne domin kare wanda za a ƙara wa jinin.

To me ke sa wasu jiri ko suma?

Wannan shi ne abin da ya fi faruwa, kuma kaɗan ne daga cikin masu bayarwa yake samu. Galibi ba yawan jinin da ya fita ne ke jawo shi ba. Fargaba, ko ganin allura, ko yunwa, ko miƙewa tsaye da sauri, su ne ke sa bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin jini su saki, jinin da ke isa kai ya ja baya na ɗan lokaci. Alamunsa a fili suke: zufa mai sanyi, hamma, tashin zuciya, gani ya fara dushewa. Da zarar ka ji haka ka faɗa wa ma'aikaci. Zai cire allurar, ya kwantar da kai, ya ɗaga ƙafafunka sama, cikin 'yan mintuna ka dawo hayyacinka. Ya fi samun matasa, da marasa ƙiba, da masu bayarwa a karon farko.

Hana aukuwarsa ba wuya. A ci abinci kafin a je, a sha ruwa kamar rabin lita, a huta minti goma zuwa sha biyar bayan an gama. A ranar kada a ɗauki kaya mai nauyi da hannun da aka soka, kada a hau gini ko bishiya, ɗan acaba da direba kuma su jinkirta komawa aiki. Mai azumi, in ba gaggawa ba, ya bari sai ya sha ruwa. Wani lokaci wurin allurar yakan yi tabo baƙi-baƙi saboda ɗan jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata, wannan yana bajewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.

Yaushe jinin yake dawowa?

A nan mutane suka fi ruɗewa, domin wani zai ce kwana ɗaya, wani ya ce wata uku, kuma kowa da gaskiyarsa. Jini ba abu ɗaya ba ne, saboda haka dawowarsa mataki uku ce.

Na farko shi ne ruwan jinin, wanda ya ɗan haura rabin abin da ke cikin leda. Jiki yana janyo ruwa daga tsoka da sauran sassa zuwa cikin jijiyoyi, ƙoda ta rage fitsari, ƙishirwa ta sa ka sha ruwa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu yawan jinin ya koma yadda yake, sai dai ya ɗan tsinke.

Na biyu su ne jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Idan ƙoda ta ji iskar da ke isa gare ta ta ragu, sai ta saki wani sinadari da ke zaburar da ɓargon ƙashi ya ƙara ƙaimi. Dama can ɓargo yana ƙera wajen ƙwayoyi miliyan biyu a kowace daƙiƙa, domin kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu. Ga mai isasshen ayon a jiki, cike gurbin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida.

Na uku, wanda ya fi jan lokaci, shi ne sinadarin ayon. Da shi ake haɗa himogulobin, abin da ke cikin jajayen ƙwayoyin wanda ke riƙe iskar, yake kuma ba jini launinsa ja. Kowace leda tana tafiya da miligiram 200 zuwa 250 na ayon. A rana kuwa hanji yakan tsotsi miligiram ɗaya zuwa biyu ne kawai daga abinci, ya ɗan ƙara idan jiki na cikin buƙata. Ko da mutum yana samun rarar miligiram biyu kullum, sai ya haura kwana ɗari kafin ya mayar da abin da ya fita. Kafin nan jiki yana ɗiba ne daga ajiyarsa, kamar magidancin da ke cin rumbu kafin kaka. Ajiyar namiji takan kai miligiram 1,000, ta mace mai al'ada kuwa wajen 300 ce, wani lokaci ma ba ta kai ba.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya nuna haka ƙarara. Masu bayar da jinin da aka ba ƙwayar ayon kullum, himogulobin ɗinsu ya kusa komawa daidai cikin wajen wata ɗaya. Waɗanda ba a ba su ba sun ɗauki sama da wata biyu, masu ƙaramar ajiya a cikinsu kuma har wajen wata biyar. Wannan ne ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji ya jira mako 12 kafin ya sake bayarwa, mace kuma mako 16.

Mene ne iyakar himogulobin, kuma don me aka sa ta?

Kafin a ɗibi jini ana tsira yatsa a auna. A takardar sakamako za ka ga an rubuta Hb, da lamba a ma'aunin g/dL. Mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga mai bayarwa shi ne 12.0 ga mace da 13.0 ga namiji. Ƙasashe suna iya ƙara tsanantawa: a Birtaniya 12.5 ne ga mace da 13.5 ga namiji. A asibitocinmu sau da yawa za ka ji ana maganar PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. A ƙiyasi PCV ninki uku ne na Hb, don haka 12.5 ya yi daidai da wajen kashi 38 cikin ɗari.

Wasu wuraren suna amfani da wani shuɗin ruwa a ƙaramar kwalba, a ɗiga jini a ciki. Idan ɗigon ya nutse ƙasa cikin daƙiƙa 15, jinin ya kai nauyin da ake so. Idan ya tsaya yana yawo a tsakiya ko ya taso sama, sai a sake aunawa da na'ura, domin wannan gwajin ba ya ba da lamba.

Dalilin iyakar lissafi ne mai sauƙi. Leda ɗaya tana rage Hb da wajen 1 ko fiye kaɗan. Namiji mai 14.5 zai sauka wajen 13.3, ba zai ma ji wani bambanci ba. Amma ƙanwar mai naƙuda da ta zo da 11.2, ta nace sai an ɗiba saboda tausayin yayarta, za ta koma wajen 10, ga ajiyar ayon ɗinta dama ta ƙare. Abin da zai biyo baya shi ne kasala, da haki idan ta yi 'yar tafiya, da bugun zuciya, na tsawon watanni. Ledar da aka samu daga gare ta ma ba za ta ɗaga jinin mara lafiyar yadda ake so ba. An yi ba a yi ba ke nan.

Idan na tsallake gwajin, ayon ɗina ya wadata ke nan?

Ba lallai ba ne. Jiki yana ƙarar da ajiyarsa tukuna kafin Hb ya fara sauka, saboda haka mutum yana iya cin gwajin alhali ajiyar ta kusa ƙarewa. Gwajin da ke nuna ajiyar shi ne na feritin, kuma ba a saba yin sa a wurin ɗibar jini ba. Mai bayarwa a kai a kai, musamman mace, ya dace ya nemi a yi masa shi lokaci zuwa lokaci. Masu sayar da jininsu a bakin asibitoci, yau nan gobe can, ba tare da jiran watannin ba, su ne suka fi faɗawa wannan rami.

An ce jinina bai kai ba. Me zan yi?

Wannan ba hani ne na har abada ba, amma kada a tsaya ga sayen maganin ƙarin jini a kemis, a nemi dalili. A ƙasarmu abubuwan da suka fi jawo shi su ne zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, yawan jinin al'ada, haihuwa kusa da kusa, basir mai zubar da jini, da gyambon ciki. Namiji babba da aka samu da ƙarancin jini ya ga likita, don sau da yawa akwai inda jinin ke yoyo.

A ɓangaren abinci, ayon ɗin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki. Na wake da gero da ganyaye irin su zogale da alayyahu yana ƙara shiga idan aka haɗa da lemo ko gwaba. Shayi kuwa yana tare shi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya. Lemon malti da madara da ake haɗa wa wanda ya ba da jini yana mayar da ruwa da kuzari, amma ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Mai ciki da mai shayarwa, da mai zazzaɓi, da mai cutar sikila, ba a ɗibar jininsu. Mai AS kuwa, in Hb ɗinsa ya kai, yana iya bayarwa. Duk wanda ya cika sharuɗɗan nan, ya faɗi gaskiya a tambayoyin da za a yi masa, ya kuma kiyaye tazarar wata uku ko huɗu, to ya miƙa hannu ba tare da fargaba ba. Wanda aka ce wa ya dakata kuma, ya je ya binciki lafiyarsa tukuna, sannan ya dawo.