Sauya riga a hoto ba tare da an taɓa hannu ba

A Ɗan Issa, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko a kowane gari irinsa, biki na matsowa za ka ga saurayi ya kai wa mai hoto wayarsa. Hoton da ya fi so shi ne wanda ya harɗe hannuwa a ƙirji, sanye da jar rigar ƙwallo. So yake a sa masa kaftanin farar shadda don kalandar biki, amma kada tsayuwarsa ta canza.

Ɗan koyo yakan ɗauko hoton kaftani ya liƙa a kai, sai rigar ta haɗiye hannuwan. Gwani kuwa da hannun yake farawa. A Photoshop yakan bi gefen yatsu da agogo da wuya da Pen Tool, a hankali, ya danna Ctrl+Enter layin ya zama zaɓi, sannan ya danna Ctrl+J ya ware su a falle nasu. Aikin ya zama hawa uku ke nan: tsohon hoto a ƙasa, kaftani a tsakiya, hannuwa da kai a sama. Da haka yatsun suke zama a kan yadin, kamar yadda suke a gaske.

Kaftanin shi ake lanƙwasawa ya bi jiki, ba a taɓa mutum. Da Puppet Warp ake kafa ƙusa a kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, a ja hannun rigar har ya kwanta kan damtse. Amma kaftanin da aka ɗauka a rataye ba ya karɓar wannan ja, aikin wuyansa sai ya karkace kamar an wanke shi da ruwan zafi. Ni dai gara a ba wani mai irin jikin ya sa rigar, ya harɗe hannu, a ɗauke shi a irin hasken nan. Hakan ya fi a ɓata awa biyu ana ja-in-ja da kwamfuta.

Inuwa ce ke tona asiri. Hannun da ke kan ƙirji dole ya jefa 'yar inuwa a kan yadi. In babu ita, sai ka ga kamar yana shawagi. Ana zana ta da burushi mai laushi a sabon falle da aka sa a Multiply, daga ɓangaren da hasken fuska ya nuna. Sai a ƙara girman hoton a duba tsakanin yatsu, nan siririn jan tsohuwar riga yake ɓuya, haka ma jan da ta haska a ƙarƙashin haɓa.

Saurayinmu ya yi sa'a, daga gajeren hannu zuwa dogo rufewa kawai ake yi. Da babbar riga ya sa yana neman ƙaramar taguwa, babu damtse a hoton, babu bangon da rigar ta tare. Sai dai a aro hannun wani, kuma mahaifiyarsa da kallo ɗaya za ta gane ba nasa ba ne.