Ƙarfin Laka a Ma'auni: Gwajin Farfela da Ragin da Ake Yi wa Sakamakonsa

Idan za a shimfiɗa hanya a kan fadama ko a gaɓar teku, sai an jibga cikon ƙasa mai tsayin mita uku, huɗu ko fiye a kan laka mai taushi. Tambayar da ke gaban injiniya a nan guda ce: wane nauyi lakar za ta ɗauka kafin ta zame daga ƙarƙashin cikon, ta bulluƙo a gefe? Ɗebo lakar a kai ɗakin gwaji yana da tasa matsalar, domin laka mai taushi ba ta son taɓi. Kafin a ciro ta daga zurfin mita goma, a sa ta a mota, a yanka ta, ta riga ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta. Shi ya sa aka nemi hanyar gwada ta a inda take kwance, kuma hanyar da ta fi karɓuwa ita ce gwajin farfela.

Na'urar ba ta da wani tarkace. Ƙarfe ne siriri mai fukafukai huɗu a gicciye, kamar maburgin miya, an ɗaura shi a bakin dogon rodi. Tsawon fukafukan ninki biyu ne na faɗinsu, kuma wanda aka fi gani yana da faɗin milimita 65 da tsawon milimita 130. Kaurin kowane fiffike bai wuce milimita 2 ko kusa da haka ba, don kada ya dagula lakar wajen shiga. A Suwidin aka fara tunanin wannan na'ura, inda John Olsson ya yi amfani da irinta a 1919, amma siffar da ake aiki da ita yau ta zauna ne bayan rahoton Cadling da Odenstad na 1950.

Ana haƙa rami, a tura farfelar ta wuce ƙasan ramin da tazarar da ta kai faɗinsa sau biyar, har ta shiga lakar da ba a taɓa ba. Ba a barin ta ta daɗe a tsaye. Cikin minti biyar ake fara juyawa, domin idan aka jira, ruwan da shigarta ta matse zai tsiyaye, lakar da ke jikin fukafukan ta ƙara tauri, sakamakon ya haura gaskiya. Juyin kuwa a hankali ake yinsa da giya, digiri 6 a minti guda, kamar yadda ƙa'idar ASTM D2573 ta tanada. Mai gwajin yana kallon ma'aunin ƙarfin murɗi yana hawa, yana hawa, har ya kai ƙololuwa ya fara sauka. A wannan lokacin lakar ta tsage a zagaye, farfelar ta yanke dunƙule mai siffar gwangwani tana juyawa da shi. Yawanci minti biyu zuwa biyar ke nan da farawa.

Wannan ƙololuwa ita ake mayarwa ƙarfin laka. Ga farfelar da tsawonta ya ninka faɗinta, lissafin shi ne:

```
su = 6T / (7πD³)
```

T shi ne ƙarfin murɗi mafi girma, D faɗin farfela, su kuma ƙarfin da laka ke turjewa da shi kafin ta zame. Wani sauƙi da ke tattare da farfela mai milimita 65 shi ne, niyuton-mita ɗaya na murɗi yana daidai da kusan kilofaskal ɗaya na ƙarfi, don haka mai gwaji yana iya sanin amsar tun yana bakin rami.

Sai dai a lura da irin ƙarfin da aka auna. Ƙarfi ne na lokacin da ruwan cikin laka bai samu damar fita ba. Ƙofofin laka ƙanana ne ƙwarai, ruwa kan ɗauki watanni ko shekaru kafin ya tsiyaye, saboda haka a makonnin farko na ciko, lakar tana ɗaukar kaya ne da ruwanta a ciki, kuma a lokacin ta fi rauni. A yashi ko turɓaya mai sakin ruwa da sauri, lambar da farfela ta bayar ba ta da ma'ana. Haka nan a busasshiyar baƙar ƙasa mai tsattsagewa irin ta yankin Tafkin Chadi da rani. Wurin aikinta shi ne jiƙaƙƙiyar laka mai taushi irin ta Legas da Neja Delta, ko ta Bangkok da kwarurukan Norway.

Bayan ƙololuwa, ana juya farfelar da sauri sau goma don a dame lakar sarai, sannan a sake aunawa a hankali. Idan aka raba ƙarfin farko da na biyu, ana samun yadda lakar ke lalacewa in an dagula ta. A mafi yawan wurare amsar tana tsakanin 2 da 8. A Norway akwai lakar da tata ke wuce 30, wadda ke narkewa ta kwarara da zarar ta motsa. Irinta ce ta kwashe gonaki da gidaje a Rissa ranar 29 ga Afrilu, 1978.

Gyara na farko da ake yi wa sakamako na kanikanci ne. Rodin da ke tsakanin farfela da hannun mai juyawa shi ma yana gugar laka, ma'auni kuma yana haɗawa da wannan gugar. Don haka ko dai a sa rodin cikin bututu, ko a sa mahaɗi mai barin rodi ya ɗan juya shi kaɗai kafin ya kama farfela, a karanta gugar, a cire ta. A laka mai taushi sosai, gugar na iya zama babban kaso na abin da aka karanta.

Gyara na biyu ya fi nauyi, kuma daga asara aka koye shi. Laurits Bjerrum, ɗan asalin Denmark wanda ya shugabanci cibiyar binciken ƙasa ta Norway da ke Oslo, ya tattara labarin cikon hanyoyi fiye da goma da suka rushe a ƙasashe daban-daban, ya gabatar da bincikensa a 1972. Dabarar da ya bi mai sauƙi ce. Cikon da ya rushe, ƙarfin da ke riƙe shi ya yi daidai da nauyin da ke tura shi a daidai lokacin rushewar, wato ma'aunin amincinsa 1 ne. Ya sake lissafin kowane ɗaya da ƙarfin da farfela ta bayar, ya ga ko zai samu 1. A wasu wuraren ya samu. A wasu kuwa, har da Bangkok, lissafi ya nuna kusan 1.5 ko sama da haka, alhali cikon yana kwance a ƙasa. Farfelar ta yi wa lakar ƙarin ƙarfin da ba ta da shi.

Abin da ya gano shi ne, yawan ƙarin yana tafiya da danƙon lakar. Ana auna danƙo da gwaji biyu da suka samo asali daga Albert Atterberg: yawan ruwan da laka ke fara malala da shi, da yawan ruwan da take fara gutsurewa idan an murza ta ta zama zare mai kaurin milimita 3. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce ma'aunin danƙo. Bjerrum ya zana layi: idan danƙo 20 ne, a bar sakamakon farfela yadda yake, idan 50 ne, a ninka shi da kusan 0.8, idan ya kai 100, da kusan 0.6.

Dalili mafi girma shi ne gaggawa. Farfela tana karya laka cikin mintuna, ciko kuwa yana danna ta kwanaki da makonni, kuma laka mai danƙo tana nuna ƙarfi idan an fizge ta da sauri, ta saki a hankali idan kaya ya daɗe a kanta. Dalili na biyu shi ne fuskar da aka gwada. Kashi shida cikin bakwai na murɗin yana fitowa ne daga bangon tsaye na dunƙulen da aka yanke, amma zamewar ciko tana bin lanƙwasa: ta gangara a ƙarƙashinsa, ta miƙe a kwance, ta hau a gefe. Ƙarfin laka ba ɗaya ba ne ta waɗannan fuskoki. Sannan dogon layin zamewa ba ya karyewa gaba ɗaya. Wani sashe yana wuce ƙololuwarsa ya yi rauni tun wani bai kai tasa ba.

Bari mu ɗauki misali da lambobi. A ce a zurfin mita 6 ma'auni ya nuna niyuton-mita 27, gugar rodi kuma 2. Saura 25, wato kusan kilofaskal 25. Bayan damawa an karanta 7, a cire 2, saura 5, don haka lakar tana rasa kashi huɗu cikin biyar na ƙarfinta in an dagula ta. Ɗakin gwaji ya ce tana malala a ruwa kashi 90, tana gutsurewa a kashi 30, danƙonta 60 ke nan, kuma abin ninkawa a nan kusan 0.75 ne. Ƙarfin da za a dogara da shi ya koma kilofaskal 19, har da ɗan ragi.

Yanzu a ce ana son ciko mai tsayin mita 5. Kowace mita tana danna kusan kilofaskal 20, jimla 100. A ƙiyasi na sama-sama, laka mai zurfi da ƙarfi bai ɗaya tana ɗaukar ninki 5.14 na ƙarfinta. Da lambar farko, 25 sau 5.14 ya ba da 128, ma'aunin aminci kusan 1.3, wanda wani zai iya sa wa hannu. Da lambar da aka gyara, abin da za ta ɗauka 96 ne, ƙasa da 100. Wannan ciko zai zame kafin tifa ta ƙarshe ta juye. Mafita ita ce a ɗora mita 3 tukuna, a jira ruwan lakar ya tsiyaye, a sake gwaji a ga ƙarfin ya ƙaru, ko a yi wa cikon dakali a gefe da zai danne inda lakar ke son bulluƙowa.

Layin Bjerrum matsakaici ne, an ja shi ta tsakiyar ɗigogi masu warwatse, kuma daga ciko aka samo shi, don haka ɗora shi kai tsaye a kan haƙan rami ko tushen gini na buƙatar tunani. Azzouz da abokan aikinsa sun nuna a 1983 cewa idan aka lissafa turjiyar gefe biyu na ƙasar da ta zame, abin ninkawar ya kamata ya ƙara raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Injiniyoyin Suwidin kuma suna gina nasu gyaran a kan ruwan malala kaɗai. Akwai kuma abin da babu ninki da zai gyara shi. Idan farfela ta ci karo da saiwa, ɓawon kawa ko siririn yashi, ma'auni zai riƙa tsalle maimakon hawa sumul, lamba ɗaya kuma za ta yi fice a tsakanin maƙwabtanta na sama da ƙasa. Irin wannan karatu zubarwa ake yi. Busasshen ɓawon da ke saman laka, mita ɗaya ko biyu na farko, shi ma yana ba da lamba mai girma da tsagoginsa ba za su iya cika alkawarinta ba.

Abin da ya fi damuna a rahotannin binciken ƙasa shi ne jerin lambobi da ba a faɗi ko an gyara su ba. Mai zane zai iya ɗauka an gyara alhali ba a yi ba, ya gina abin da zai rushe, ko ya sake ragewa a kan ragi, a kashe kuɗi a banza. Rahoton kirki yana nuna girman farfela, saurin juyi, gugar da aka cire, ɗanyen ƙarfi, danƙon lakar a wannan zurfin, da abin ninkawar da aka zaɓa, kowanne a layinsa.