Daren Da Maƙogwaro Ya Hana Barci

Yarinyar 'yar shekara shida ce, kuma tun magariba ta ture kwanon tuwo. Zuwa sha ɗayan dare jikinta ya yi zafi rau, ko miyau ta haɗiya sai ta runtse ido. Unguwar tana bayan garin Kano, babu wuta, ƙaramin asibitin da ke kusa kuma ya rufe tun la'asar.

"Umma, wuyana," in ji ta, muryar a dishe.

Uwar ta kunna fitilar waya ta ce, "Buɗe baki, 'yar albarka, ki ce aaa." Can ciki ta ga tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro sun kumbura sun yi jawur, da ɗigo-ɗigon fari a kansu. Ta shafa ƙarƙashin muƙamuƙi ta ji kaluluwa, yarinyar ta zabura. Babu tari, babu majina.

Wannan dubawar ta fi duk abin da ya biyo baya muhimmanci. Yawancin ciwon maƙogwaron yara irin na mura ne, yana zuwa da tari da yoyon hanci, ya tafi da kansa cikin mako guda. Amma zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da farin ɗigo da kaluluwa, ba tare da tari ba, yakan nuna wata ƙwayar cuta da ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15. Idan aka bar ta, bayan mako biyu zuwa uku tana iya jawo ciwon gaɓoɓi, daga nan ta lalata ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwa.

Akwai kuma abin da uwar take tsoron gani, ba ta gani ba: wata fata mai ruwan toka manne a maƙogwaro, da wuya a kumbure dam. Alamar mashaƙo ke nan, cutar da ta yi wa Kano ɓarna a 2023, musamman yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Da ta ga haka, ko ta ji numfashi yana ƙara, ko miyau yana dalala don an kasa haɗiya, da ba zancen jiran asuba. Ko a kafaɗa ne sai an kai yarinyar babban asibiti a daren.

Ta ɗauko farasitamol na ruwa. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 15 a kowane kilo. Yarinyar kilo 16 ce, wato miligiram 240, kwalbar kuma tana da 120 a kowane mil 5, saboda haka mil 10 ta zuba a murfin awo. Ta duba agogo, domin ba za ta sake ba ta ba sai bayan awa shida. Asfirin da ke cikin kwandon magani ba ta taɓa shi ba, don ba a bai wa yara masu zazzaɓi.

Sai aikin haƙuri. Ta jiƙa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ta koya mata kurkure maƙogwaro ta tofar. Ta rage mata tufafi, ta goge mata jiki da tsumma mai ɗumi. Ta dama koko ruwa-ruwa da zuma, tana ba ta cokali-cokali, ana yi ana hutawa, ana lallashi. Zumar ta halatta ne don yarinyar ta girma. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi.

Wajen ƙarfe biyu kakar yarinyar ta leƙo. "Beli ne ya sauko. Gari na wayewa a kira wanzami."

"Inna, ki yi haƙuri, mu fara kai ta asibiti tukuna," in ji uwar, kanta a ƙasa.

Ta yi daidai, ko da yake musu da suruka cikin dare ba ƙaramin abu ba ne. Belin da ake zargi kumbura yake yi saboda ciwon, ba shi ya kawo shi ba. Yanke shi kuwa yana iya jawo zubar jini mai yawa, ko sandarewar jiki idan ƙarfen ba shi da tsabta, ita kuma ƙwayar cutar tana nan daram.

Kafin kiran assalatu gumi ya karyo wa yarinyar, ta yi fitsari, alamar ruwan da ta sha ya wadatar, barci ya ɗauke ta.

Da safe a asibiti aka fara da gwajin maleriya, tunda zazzaɓi ne, bai nuna komai ba. Ma'aikaciyar lafiya ta leƙa maƙogwaron ta rubuta amoksisilin na kwana goma. Ta ja wa uwar kunne cewa a rana ta uku yarinyar za ta warware ta nemi wasa, kuma a nan ne iyaye da yawa suke ajiye kwalbar, alhali kwanaki bakwai da suka rage su ne ke kare zuciya. Ta ƙara da cewa idan nan da wata guda yarinyar ta fara kukan gwiwa ko idon sawu, ko tana haki in ta yi ɗan gudu, a dawo da ita ranar.